Likitanci, Harhaɗa Magunguna, Jinya ko Gwaje-gwaje: Ina Gwanin Bayoloji Zai Dosa?

A kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar WAEC da NECO ya fito aka ga yaro ko yarinya sun yi fice a darasin bayoloji, sai mutanen gida su yanke hukunci tun kafin a zauna shawara, su fara kiran mai sakamakon da sunan likita, alhali kuwa ba wanda ya tambaye shi ko ya taɓa kwana yana jinyar majinyaci, ko ya san abin da ake yi a bayan tagar da ake miƙa takardar magani. Mas'alar ta cancanci a yi mata bincike a tsanake, domin sana'o'in lafiya huɗun da ɗalibi yakan tsaya a tsakaninsu, wato likitanci, da harhaɗa magunguna, da jinya, da ilmin gwaje-gwajen asibiti, ko da yake rufi ɗaya ke tara su, kowacce tana da irin amanar da take ɗora wa mai ita, da irin halin da take nema daga gare shi, da adadin shekarun da take ci daga ƙuruciyarsa.

Abu na farko da ya wajaba a faɗa, ko da ba zai yi wa iyaye daɗi ba, shi ne ƙwarewa a bayoloji ba ta rarrabe tsakanin waɗannan huɗu ko kaɗan. A jami'o'in Nijeriya ƙofarsu ɗaya ce: kiredit biyar a Turanci, da lissafi, da bayoloji, da kemistiri, da fizis, sa'an nan a jarrabawar JAMB a rubuta Turanci da bayoloji da kemistiri da fizis, kowanne maki ɗari, jimla ɗari huɗu. Wanda ya ci casa'in a bayoloji amma ya tsaya a arba'in a kemistiri da arba'in a fizis, ga sittin a Turanci, jimlarsa 230 ce, kuma wannan adadi ba safai yakan kai mutum ajin likitanci ba a manyan jami'o'i irin na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda masu nema ke ninka guraben da majalisar kula da likitoci ta ƙayyade wa kowace makaranta. Bayan an shiga ma, shekarar farko ta dukan huɗun kimiyya ce tsantsa, kuma darussan da suka fi kayar da ɗalibai a gaba, kamar ilmin sinadaran jiki da ilmin aikin magani a jiki, 'ya'yan kemistiri ne. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ga gwanin bayoloji ita ce: yaya kemistirinka yake?

Domin a ga bambancin ayyukan da ido, ya fi kyau a bi majinyaci ɗaya daga ƙofar asibiti zuwa sallama. A ƙaddara cikin watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa a ƙasar Hausa, an kawo yaro ɗan shekara biyu mai nauyin kilo goma, jikinsa ya yi zafi kwana uku, ya yi jijjiga sau biyu a hanya, tafin hannunsa ya yi fari fat, ba ya iya zama balle ya sha nono. Likitan da ke bakin aiki shi ne zai tsaya ya yi ijtihadi a cikin 'yan mintoci, da bayanin da bai cika ba, daga bakin uwar da hankalinta ya tashi. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ne ya fi kusa da zato, amma sanƙarau ma yana zuwa da zafin jiki da jijjiga da gushewar hankali, haka nan faɗuwar sukari a jini, kuma ba abin da ya hana biyu daga cikinsu haɗuwa a jiki ɗaya. Zai lanƙwasa wuyan yaron ya ji ko ya sandare, ya ƙirga numfashi, ya duba cikin fatar ido, ya yanke shawara ko a ɗebi ruwan ƙashin baya yanzu ko a jinkirta, sa'an nan ya rubuta umarni ya sa hannu. Wannan sa hannu shi ne haƙiƙar likitanci: hukunci a cikin shakka, wanda in ya yi daidai ba a cika tunawa da shi ba, in ya kuskure kuwa sunan mai shi ne a kan takarda.

Daga nan jinin yaron ya tafi ɗakin gwaje-gwaje, inda wani bawan Allah da uwar yaron ba za ta taɓa ganin fuskarsa ba zai ɗiga shi a kan gilashi, ya yi shimfiɗa mai kauri domin gano ƙwayar cutar da ƙirga ta, da shimfiɗa siririya domin tantance jinsinta, ya rina su da rinin Jimsa, ya sunkuya a kan madubin likita. Aikin yana da ƙa'idoji masu kaifi, domin ruwan da ake tsarma rinin da shi sai ma'aunin tsaminsa ya tsaya a 7.2, in ya kauce launi ya ɓaci, ƙwayar cuta ta ɓuya ko kuma gurbin rini ya yi kama da ita, a rubuta wa mai lafiya cuta ko a sallami mai cuta. In ya ƙirga ƙwayoyin cuta 500 a daidai lokacin da ya ƙirga fararen ƙwayoyin jini 200, sai ya ninka 500 da 8,000 ya raba da 200, ya rubuta 20,000 a kowace maikurolita. Ya kuma auna kaurin jinin ya same shi kashi 13 cikin ɗari, alhali a ƙaramin yaro mai wannan zazzaɓi kashi 15 zuwa ƙasa ana lissafa shi ƙarancin jini mai tsanani. To, nan ne nauyinsa na gaske ya taso, domin shi zai tantance rukunin jinin yaron, ya gwada shi da jinin da za a ba shi ya ga ko sun jitu, bayan an tabbatar jinin ba ya ɗauke da ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in B da C ko tunjere. Kuskuren laƙaba suna a kan kwalba ɗaya a wannan ɗaki yana iya kashe mutum cikin sa'a guda. Wanda zai ji daɗin wannan sana'a shi ne mai son tahƙiƙi, mai haƙurin maimaita abu ɗaya sau ɗari ba tare da hannunsa ya sake ba, wanda kuma rashin godiyar jama'a ba ya damunsa. Ni a ganina, a cikin huɗun ita ce ta fi kusa da bayolojin da yaro ya ƙaunata a sakandare, wato duban ƙwayoyin halitta da sanin siffofinsu, amma ita ce iyaye suka fi jahilta.

Maganin da aka fi amincewa da shi ga irin wannan zazzaɓi shi ne allurar atesunet, kuma lissafinta yana nuna inda mai harhaɗa magunguna yake tsaye. Yaron da bai kai kilo ashirin ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, wanda ya kai ashirin ko ya wuce kuwa 2.4, saboda haka yaronmu miligiram 30 zai samu, a ba shi nan take, a sake bayan sa'a goma sha biyu, a kuma sake a cikar sa'a ashirin da huɗu. Maganin gari ne a cikin kwalba mai miligiram 60, ana narka shi da mililita ɗaya na ruwan baikabonet da ke zuwa tare da shi, a ƙara mililita biyar na ruwan gishiri, ya zama miligiram goma a kowace mililita, wato mililita uku ke nan za a tura a jijiya. Abin da ya rage kuma ba a ajiye shi don allura ta gaba, domin da zarar an narka shi ƙarfinsa ba ya daɗewa, sai a yi amfani da shi a cikin sa'a guda. In likita, saboda gajiyar dare, ya yi lissafi da 2.4, mai harhaɗa magunguna ne mutumin da doka da ilmi suka ajiye domin ya tsayar da takardar ya ce a sake dubawa. Shi ne kuma ke da alhakin sanin daga ina kwalbar ta fito, da yadda aka adana ta, da ko ta jabu ce.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan sana'a ita ce tsayuwa a kanti ana miƙa ƙwaya, saboda sun saba da masu kemis na unguwa, waɗanda lasisinsu bai wuce na sayar da ƙananan magungunan da ba sa bukatar takardar likita ba. Haƙiƙa ilmin ya fi haka zurfi nesa ba kusa ba, kuma akasarinsa kemistiri ne da lissafi: yadda ake ƙera ƙwaya ta narke a lokacin da ake so, da yadda hanta da ƙoda ke sarrafa magani, da yadda wani magani ke karya wani. Daga ƙarshen shekarar 2008 zuwa farkon 2009 yara fiye da tamanin suka rasu a Nijeriya sanadin wani ruwan maganin haƙori da guba mai suna dayetilin gilaikol ta gurɓata, kuma hana irin wannan musiba aikin masu wannan ilmi ne, a masana'anta da kuma a hukumar NAFDAC, wadda marigayiya Dora Akunyili, ita ma mai harhaɗa magunguna, ta shugabanta daga 2001 zuwa 2008. Falalar sana'ar ita ce tana da ƙofofi a wajen asibiti, har mai ita yana iya buɗe kantinsa da lasisinsa in ya sami jari. Amma wanda ya ƙi jinin kemistiri, ya zo nan don kawai likitanci ya kuɓuce masa, ya sayi wahalar shekara biyar ko shida da kuɗinsa.

Komai kyan hukuncin likita da ingancin gwaji da sahihancin magani, a hannun ma'aikaciyar jinya suke isa jikin yaron, kuma ita ce ke nan a gefen gado bayan kowa ya wuce. Ita za ta nemo jijiya a hannun da ya bushe, ta tura allurar a kan lokacinta. In an rubuta ƙarin jini, mililita ashirin a kowane kilo, wato mililita 200 cikin sa'a huɗu, ita za ta mayar da shi mililita hamsin a sa'a, wanda a robar da ke ɗigo ashirin a mililita ya kama kimanin ɗigo goma sha bakwai a minti. Ta gwama sunan da ke jikin ledar jinin da na yaron kafin ta rataya. Ta tsaya a kansa minti goma sha biyar na farko, domin a nan ne alamun rashin jituwar jini suka fi bayyana, kamar rawar ɗari, da hauhawar zafi, da ƙuncin numfashi. Da ƙarfe uku na dare, in yaron ya yi laushi zufa ta karyo masa, ita ce za ta yi zargin sukarinsa ya faɗi, ta auna, ta tashi likita. Likita yakan ga majinyaci mintoci kaɗan a zagayensa, ita kuwa tana tare da shi sa'o'in aikinta duka, don haka sauyin da ke zuwa a hankali idonta ne ke fara kama shi. Kuma ranar sallama, ita da mai harhaɗa magunguna za su zaunar da uwar su fahimtar da ita cewa ƙwayar da za a ci gaba da sha kwana uku, sau shida, sai an haɗa ta da nono ko abinci mai maiƙo kafin ta shiga jiki yadda ya kamata, kuma ba a dainawa don an ga yaro ya miƙe.

Kada a ɓoye wa ɗalibi cewa jinya aikin jiki ce: tsayuwa mai tsawo, da kwanan asibiti, da taɓa jini da amai da gyambo, da haƙuri da 'yan'uwan majinyaci waɗanda fushinsu a kanta yake fara sauka ko da laifin na wani ne. Amma ita ce ta fi sauran saurin kai mutum ga aiki, kuma ba ta taƙaita ga mata ba, ko da yake bukatar mata a cikinta, musamman a ɗakin haihuwa, ta fi tsanani a ƙasarmu, inda mace da yawa kan gwammace ta haƙura da ciwonta a ɗaki da a ce namiji ne zai duba ta. Malamai sun lissafa irin wannan ilmi cikin farillan kifaya, kuma garin da ba shi da ungozoma ƙwararriya ko ɗaya bai sauke wannan farilla ba.

Sai batun shekaru, wanda ya kamata uba ya lissafa da alƙalami kafin ya yi alkawari. Digirin likitanci shekara shida ne, sa'an nan shekara guda ta aikin koyo a asibiti kafin a sami cikakkiyar rajista, sa'an nan shekarar hidimar ƙasa. Wanda ya shiga yana da shekara goma sha takwas zai fito daga waɗannan yana da ashirin da shida, in ba a maimaita aji ba kuma ba a yi yajin aiki ba, alhali yajin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. In yana son zama ƙwararre a tiyata ko ciwon yara ko haihuwa, akwai wasu shekaru huɗu zuwa shida na horo da jarrabawa a gabansa, bayan jiran samun gurbi. A tsakiyar karatun kuma akwai babbar jarrabawa ta ilmin ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki, wadda wanda ya faɗi yakan sake, in ya sake faɗuwa ya maimaita shekara, in abin ya ci tura a sallame shi daga sashen bayan ya ɓatar da shekara uku ko huɗu. Harhaɗa magunguna shekara biyar ne a tsohon tsari, shida a sabon tsarin da jami'o'i ke komawa gare shi. Digirin jinya da na gwaje-gwaje shekara biyar-biyar ne, kuma dukansu ukun suna da tasu shekarar aikin koyo da jarrabawar majalisar da ke ba da lasisi. Jinya ce kaɗai ke da gajeriyar hanya mai daraja, ta kwalejojin jinya da ungozoma, inda cikin shekara uku zuwa huɗu mutum ke samun rajista ya fara ɗaukar albashi, daga baya ya shiga jami'a a aji biyu, ko ya ƙware a fanni ɗaya, kamar jinyar ido a cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna, ko jinyar ƙashi a asibitin Dala da ke Kano. Ga 'yar talakan da ƙannenta ke jiran ta kama aiki, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Game da albashi da muƙami, gaskiya ita ce a asibitocin gwamnati likitoci suna kan ma'aunin albashi nasu daban wanda ya fi na sauran, kuma shugabancin asibitocin koyarwa a hannunsu yake, abin da ya daɗe yana haddasa jayayya da yajin aiki tsakaninsu da gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya. Wanda zuciyarsa ba za ta jure ganin wani a gabansa ba, gara ya san haka tun yanzu.

Akwai wani rami da ɗalibai masu yawa ke faɗawa, wanda ya fi kuskuren zaɓe tsakanin huɗun muni. Yaro ya nemi likitanci, makinsa bai kai ba, sai jami'a ta tura shi wani sashe mai kama da na lafiya a suna, iyaye kuma su karɓa da murna suna cewa ai duk asibiti ne. Wanda ya karanta Microbiology ko Biochemistry ko Anatomy ko Physiology ya sami ilmi mai daraja, amma digirinsa ba ya ba shi lasisin duba majinyaci ko sa hannu a sakamakon gwajin asibiti. Haka nan kwas ɗin da ake rubutawa Science Laboratory Technology dabam yake da Medical Laboratory Science. Na biyun ne majalisar kula da ilmin gwaje-gwajen asibiti, wadda dokar 2003 ta kafa, take yi wa rajista. Fatan cewa za a canja sashe bayan shekarar farko kuwa, kaɗan ne ƙwarai yake cika musu. Ko a cikin huɗun ma, wajibi ne a bincika ko majalisar da abin ya shafa ta amince da wannan sashe a wannan makaranta, domin amincewar hukumar jami'o'i dabam, ta majalisar sana'a dabam, kuma an sha ganin ɗalibai sun kammala karatu sun zauna jiran rantsuwar kama aiki saboda makarantarsu ta ɗebi fiye da adadin da aka ƙayyade mata.

Hukuncina a kan mas'alar shi ne, likitanci ya dace da wanda darussan kimiyyarsa uku suka yi ƙarfi tare, gidansu zai iya ɗaukar nauyinsa shekara takwas, kuma yana da zuciyar yanke shawara alhali bai gama tabbata ba. Wanda kemistirinsa ya kai bayolojinsa ko ya fi shi, ya dubi harhaɗa magunguna da idon zaɓin farko. Wanda bayoloji ne kaɗai hasken sakamakonsa, kemistiri kuwa yana ci ne da ƙyar, to gwaje-gwaje ko jinya sun fi masa, gwargwadon ko madubi ya fi so ko mutane, tare da sanin cewa a can ma sai ya gyara kemistirin, domin ɗaya daga rassan gwaje-gwaje auna sinadaran jini ne. Wanda kuma makinsa na JAMB ya fito bai kai na likitanci ba, alhali ya kai na ɗaya daga cikin ukun, ya gaggauta canja kwas tun hukumar ba ta rufe ƙofar canji ba, maimakon ya zauna jiran abin da jami'a za ta jefo masa. Ina kuma roƙon iyaye da malaman sakandare, kafin a cike fom, su nemi izinin shugaban asibitin da ke kusa da su, yaron ya je ya ga ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin magani da ɗakin kwanciya da idonsa, ya zauna da mai kowace sana'a ya tambaye shi yadda kwanan aikinsa yake.